Goro Uku da Rigar Aro

Shekarar da wutar mafarauta ta ƙwace musu ta bi dajin da ke yamma da Birnin Gwari, Salmanu mai zuma ya shiga rani da amya ashirin da uku a kan itatuwa, ya fita da biyu. Waɗanda wuta ba ta lashe ba, hayaƙi ya kori ƙudan da ke ciki. Mafarautan kuwa sun samo gafiya da 'yan zomaye, har suna kirari a ƙofar gari. Salmanu ya wuce su da ƙonanniyar igiya a hannu, bai ce musu uffan ba, don in ya buɗe baki ranar nan sai an kai shi gaban alƙali.

To ka san so ba ya leƙa rumbu kafin ya shigo gida. A cikin wannan fatarar ce idonsa ya faɗa kan Saude.

Bazawara ce. Mijinta ya rasu a Tabanni, ta gama takaba, ta zo Birni ta sauka wurin ƙanwar uwarta, Inna Fatsuma, a unguwar Magajin Gari. Kaɗi take yi, ranar kasuwa ta fito da zarenta ta sayar wa masaƙa. Ranar da Salmanu ya fara ganinta, wani masaƙi ne ya ɗauki zarenta yana kushewa don ya rage kuɗi. Ba ta yi masa gardama ba. Ta miƙa hannu ta karɓe abinta, ta mayar cikin lefe, ɗan kwandon zarenta, ta juya tana gaisawa da wata. Masaƙin nan ya tsaya tsaye kamar an dasa shi, daga ƙarshe ya biya yadda ta faɗa tun farko. Salmanu ya koma gida yana dariya shi kaɗai, kuma tun daga ranar ya rasa sukuni.

Shi ba yaro ba ne. Gwauro ne, aurensa na fari bai yi ƙarko ba, shekara huɗu yana cin tuwon gwaggonsa Asama'u, yayar mahaifinsa, tare da baƙar maganar da take haɗa masa da shi kyauta. Gwaggon ce ta fara ganewa, ganin mutumin da ba shi da abin sayarwa ya tsiri zuwa kasuwa yana zagaya rumfar masaƙa. Ta titsiye shi ya faɗa. Ita ce kuma ta ba shi labarin da ya tsinka masa zuciya: Saude ba zama ta zo yi ba. Da zarar an yi ruwan shuka, yayanta Usman zai zo ya tafi da ita Kutemeshi, kuma can akwai masu jira, har da mai shanun da ba ya sanin iyakarsu. Ga shi kullum da yamma hadari yana haɗowa daga gabas yana watsewa. Ranar kasuwa mai zuwa saura kwana shida, wadda ke bayanta kuwa sai dai Allah.

Salmanu ya ce zai je zance gidan Inna Fatsuma kamar yadda kowane ɗan mutunci yake yi. Gwaggo ta ajiye mazarinta ta dube shi tun daga sama har ƙasa, sannan ta shiga zayyana masa abin da zauren mutane yake ci. Ba a shiga hannu rabbana. Akwai goron gaisuwar Inna, akwai na maigidan, akwai na tsofaffin maƙwabta waɗanda ba su taɓa jin sallamar baƙo sun zauna a ɗaki ba. Abokin da zai raka ka ba zai koma da bushewar baki ba. In tsautsayi ya sa maroƙi ya hango ka, ka shiga uku. Duk wannan kafin a zo ga toshin ita kanta mai ɗakin, wanda ba a miƙa shi a tafin hannu sai a ƙunshe, kuma ƙunshin ya yi nauyi. Ta tambaye shi kuɗin wuri nawa ke cikin tukunyarsa. Ya faɗa mata. Ta ce wannan ai ko kazar da ke ciwo ba za ta saya ba.

Ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. Can ya ɗaga kai.

"Gwaggo, ko da me zan je, sai na je. In ta ƙi ni, ta ƙi ni da bakinta. Amma ba zan zauna ruwa ya tafi da ita ina kallo ba."

Maganar ta yi wa tsohuwa daɗi, sai dai ba ta nuna ba, don ba halinta ba ne. Ta ɗauki mazari ta ci gaba da murzawa, tana tunani da ƙarfi. Ta ce tunda zaure ya fi ƙarfinsu, sai a nemi inda ba a biyan kuɗin ƙofa. Ita tana da wurin zamanta a gefen kasuwa, gindin tsamiya, inda take kasa auduga. Kuma Saude, in ta gama sayar da zare, wurinta take biyowa ta sayi audugar mako. Bayan la'asar kasuwa ta fara watsewa, wurin ba kowa. Ga babba a zaune, ba mai cewa an yi abin da bai kamata ba. Tabarma tata ce, inuwa ta Allah ce. Bazawara kuma ba budurwa ba ce, tana da bakin kanta, in ta ga dama ta zauna, in ba ta gani ba ta ɗauki audugarta ta wuce, ba wanda ya ji kunya a gaban dangi.

Amma ba za a yi wa 'yar mutane kwanton ɓauna ba. Washegari Gwaggo ta yafa zanenta ta tafi gidan Inna Fatsuma da ɗan ƙullin daddawa, don tsohuwa ba ta biyan kuɗin shiga ɗakin tsohuwa. Sai da rana ta take ta dawo, ta sa ya jira ta sha ruwa, ta yi ƙorafin gwiwa, ta yi ƙorafin hanya, kafin ta gaya masa. Inna Fatsuma ba ta hana ba. Ita Saude kuwa, da aka faɗa mata, ba ta ɗaga kai daga kaɗinta ba, ta ce kasuwa ai ta kowa ce. Salmanu ya tambaya ko wannan i ne ko a'a. Gwaggo ta ce in a'a ne da ya ji shi tun daga nan.

Saura abin riƙewa a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ranar nan da yamma ya ɗauki igiya da damin ciyawa da ƙwarya ya shiga daji. Amya biyun da suka tsira suna kan wata ɗorawa a bakin rafi, inda wuta ba ta iya tsallakawa ba. Ɗorawa ta gama fure tuni, zuma ta nuna, lokacinta ke nan. Ya jira rana ta faɗi ƙudan sun lafa, ya hau, ya busa musu hayaƙi, ya buɗe ta farko. Saƙa ta cika fal, an toshe idanunta da kaki. A nan zuciya ta fara yi masa huɗuba: kwashe duka, ka kwashe ta biyun ma, ka sayar, ka shiga zaure kamar kowa. Ya san ƙarshen wannan. In ka kwashe wa ƙuda komai a bakin damina sai su tashi, baɗi ba ka da ko iri. Wanda yake neman ya ajiye mata ba ya cinye abin da zai ciyar da ita a wurin neman ta. Ya yanki masu zuma zalla, ya bar musu na 'ya'ya da abin da za su ci, ta biyun ko taɓa ta bai yi ba. Ya sauko da harbi uku a wuya, abin da ko a jikinsa.

Kwana biyu yana hidimar zumar nan kamar mai jinyar jariri. Ya tace ta a rana ta cikin tsumma mai tsabta, bai kai ta kusa da wuta ba don kada ta yi ƙauri. Ya sami ɗan sabon gora ya kankare cikinsa, ya shanya har ya bushe ƙayau, don ɗigon ruwa ɗaya yana lalata zuma. Ya cika shi, ya toshe, ya saƙa masa rataya da kaba. Ragowar da ba ta shiga ba ya keɓe, za a jiƙa tsamiya a zuba a ciki, a sami abin ba baƙuwa ta sha ba tare da an sayi ko furar wuri biyar ba. Kakin kuma ya dafa, ya dunƙule, ya kai wa maƙerin farfaru, aka ba shi 'yan kuɗi ya haɗa da na tukunya.

Duk wannan kuɗin a kan goro zai ƙare, don ko me ka kawo wa mace, in ba goro a ciki, ba ka ce komai ba. Ayarin fataken goro na Gwanja bai iso ba, goro ya yi tsada kamar ido. Mai goron ya buɗe masa manya farare, Salmanu ya kalle su kallon da mai azumi yake yi wa randa, ya ce a nuna masa ƙanana. Ya zauna dirshan yana juya su ɗaya bayan ɗaya yana neman hudar sankara, har mai goron ya tambaye shi ko doki ya zo saye. Ya fito da guda uku lafiyayyu: ɗaya na Saude, ɗaya ta kai wa Inna Fatsuma, ɗaya na Gwaggo ladan tafiya. Ya naɗe su cikin ganye mai danshi. Gwaggo ta ce ya kawo ta adana masa kusa da randarta. Ya ce ya gode, ya kai su ɗakinsa. Wa zai ba kura ajiyar nama?

Shi a ganinsa an gama shiri. Ana jibi kasuwa ya wanke rigarsa da sabulun toka ya shanya a kan danga. Gwaggo ta fito ta tsaya a gabanta ta riƙe haɓa. 'Yar shara ce ta saƙi wadda hayaƙi ya rina, ƙaya ta yi mata aiki, faci a kan faci, har ba a gane wanne ne ainihin rigar. Ta ce wannan ko gaisuwar mutuwa ba a zuwa da ita, sai a zaci kai aka yi wa rashin. Ta ce ya je ya aro, ba a kansa aka fara ba, rabin angwayen garin nan da rigar wani aka ɗaura musu aure.

Gaskiya ta faɗa. A wancan zamanin babbar riga dukiya ce, mutum yakan yi shekara yana tara kuɗinta, a gaje ta, a jinginar da ita, a sayar. Aron riga ba abin kunya ba ne, muddin ba a faɗa ba.

Ya tafi wurin abokinsa Nababa wanzami. Nababa mutum ne mai son a sani, kuma kwanan nan ya sayi wata riga a hannun dillali, ya ce ya same ta da arahar da ko a mafarki. Ya ciro ta daga cikin adudu yana kaɗe ta. Saƙi ce mai kyau, shuɗi da fari, zarenta siriri sumul, da ɗan aiki a wuya da aljihu, ba mai yawa ba. Ya yarda ya ba shi na wuni ɗaya a kan alkawarin guntun saƙar zuma, ya ƙara masa da aski da gyaran fuska kyauta. Yana askin yana ba shi karatu: ya riƙa naɗe hannun rigar a kafaɗa kamar wanda ya saba, kada ya zauna a kan gindinta, in kuma aka tambaye shi ya ce a Zazzau ya sa aka ɗinka masa bara. Salmanu bai amsa ba, don aska tana kan maƙogwaronsa.

Ranar kasuwa gari ya tashi da zafi mai nauyi, irin wanda manoma ke murna da shi. Salmanu bai yi murna ba. Ya sa 'yar shararsa a ciki don kada gumi ya ɓata kayan mutane, ya ɗora rigar a sama. Tun kafin azahar ya isa, alhali an ce masa bayan la'asar. Gwaggo ta kore shi, ta ce ya je ya nemi wurin tsayawa kada ya kore mata masu saye. Ya yi ta zagaye. Ya wuce Gwarawa da suka sauke doya da tukwane daga kafaɗa, ya wuce matan Fulani da ƙoren nono, ya kauce wa rumfar mahauta don kada jini ya fallatsa masa. Mutanen da jiya suke kiransa mai zuma daga nesa, yau har da masu ce masa malam. Abin ya yi masa daɗi, ba zai ɓoye ba. Rumfar masaƙa kaɗai ya ƙi bi, yana so ta fara ganinsa a zaune, a natse.

Ya yi sallar la'asar, ya dawo gindin tsamiya. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma ta biyu nesa kaɗan da tata, ta ajiye ƙwaryar tsamiya da zuma an rufe da faifai. Ya zauna, ya ajiye goran a dama, ƙunshin goro a aljihu. Maganar da zai faɗa ya yi kwana shida yana jera ta, ya san farkonta ya san ƙarshenta. Gabas ta yi baƙi ƙirin, amma iska ba ta motsa ba tukuna.

Ya hango ta tana tahowa da lefe a ka, ba sauri ba nawa. Da ta kusa sai ya miƙe, ya naɗe hannun riga a kafaɗa yadda aka koya masa.

Saude ta tsaya cak.

Ba ta daɗe a tsaye ba, amma Salmanu ya gani. Ta ƙaraso, ta sauke lefe, ta durƙusa ta gaida Gwaggo, muryarta ba ta fita sosai. Ta juyo ta gaishe shi, ya amsa, ya tambayi gida da Inna. Ta amsa, amma ba fuskarsa take kallo ba, ba kuma ƙasa ba kamar yadda mata suke yi. Ƙirjinsa take kallo. Gwaggo ta tura mata ƙwarya ta ce ta sha, ta karɓa ta ajiye ba ta kai baki ba. Salmanu ya gyara murya zai fara maganarsa ta kwana shida, sai ta riga shi.

"Malam, ina ka samo rigar nan?"

Amsar tana nan a kan harshensa, Nababa ya ɗora masa ita a shirye. Zazzau, bara. Kalma biyu, ya wuce wurin, ya ci gaba da zama malam. Gwaggo ma ta ɗan yi tari, alamar ya faɗa kawai. Ya dubi goran zumarsa da ke gefe. Duk abin da ya kawo wurin nan da hannunsa ya yi shi, ban da abu ɗaya, kuma a kan abu ɗayan aka tambaye shi. Ya ji in ya fara da ƙarya yau, gobe sai ya aro gona, jibi ya aro rumbu.

"Ta aro ce," ya ce. "Ta abokina ce, Nababa wanzami. Shi ma a wurin dillali ya saya. Ni ba ni da babbar riga."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce ya duba ƙasan aljihu, ta ciki. Ya juya bakin aljihun. Akwai wani ɗan ɗinki karkatacce da farin zare, bai fi faɗin kuɗin wuri ɗaya ba.

"Ta maigidana ce, marigayi. Ni na kaɗa zarenta, damina biyu ina yi. Nan tartsatsi ne ya faɗa masa wata rana da na kawo masa wuta ɗaki. Shi ya ɗinke da kansa, bai sami shuɗin zare ba. Na yi ta yi masa dariya." Ta ci gaba da cewa, "Ina cikin takaba aka raba gado, aka sayar. Sai daga baya na ji. Da na hango ka ka miƙe, na zaci..."

Ba ta ƙarasa ba.

Gwaggo Asama'u, wadda tun da Salmanu ya yi wayo bai taɓa ganin magana ta ƙare mata ba, ta sunkuyar da kai tana tsintar ƙwayar da babu a cikin auduga. Shi kuwa kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa. Rigar ta yi masa nauyi kamar an jiƙa ta. Ya zo neman mace sanye da rigar mijinta da ya mutu, ya yini yana yawo da ita a kasuwa ana ce masa malam. Ƙafafunsa suka ce masa tashi ka tafi, ka shige daji, kada ka sake bin hanyar kasuwa sai ta bar garin. Kuma da ya tafi, ba wanda zai ga laifinsa.

Ya tashi ɗin. Amma bai tafi ba. Ya kama wuyan rigar ya cire ta ta kai, a nan gefen kasuwa, mutane suna wucewa. Ya ninke ta da kyau, ya ɗauki faifan da aka rufe ƙwarya da shi, ya kaɗe, ya ɗora ta a kai, ya ajiye a gaban Saude. Sannan ya koma ya zauna cikin 'yar shararsa, gumi ya manne ta a baya, kowane faci a fili. Daga wajen mahauta wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya kira wani ya zo ya gani. Salmanu bai waiwaya ba.

"Ki yafe mini, ban sani ba," ya ce. "Ga ni yadda nake. Wuta ta cinye mini amya, biyu suka rage, ina saƙa waɗansu. Zumar nan tawa ce, ni na hau na ɗebo. Goron nan da kakinta na saya. Ban da su ba ni da abin da zan nuna miki. Amma ke na zo gani, kuma ba zan tashi ba sai kin sallame ni."

Ya ciro ƙunshin ya ajiye kusa da goran. Ya tuna ashe daga aljihun mamacin ya fito da shi kafin ya ninke rigar, kunya ta sake kama shi, ya daure.

Saude ba ta dubi zuma ba, ba ta dubi goro ba. Ta ɗora tafin hannu a kan rigar ta bar shi a nan. Sai ta fara magana, ba da shi ba sosai, ba kuma da Gwaggo ba. Ta ba da labarin yadda ta riƙa zaɓar auduga, yadda ta kai zaren marina da kanta, yadda masaƙin ya riƙe shi wata uku. Ta faɗi ranar Sallar da ya fara sa ta, da yadda ya ƙi zama a ƙasa duk yinin. Ta faɗi zazzaɓin da ya ɗauke shi cikin kwana tara. Ta ce tun da ta gama takaba kowa ce mata yake ta manta, ta dubi gaba, ba wanda ya taɓa bari ta faɗi ko da wannan. Hawaye ya zubo, ba ta share ba, ba ta kuma daina magana ba.

Salmanu ya saurara. Ba daɗi, kada wani ya ce maka da daɗi. Mutum ya yi kwana shida yana shiri, ya ƙarar da ɗan abin da yake da shi, ya zo ya zauna ana ba shi labarin kirkin wani namiji. Kishi ya taso masa, ya haɗiye, don wa yake kishi da na cikin kabari? Inda ya kamata ya ce Allah ya jiƙansa ya ce, inda ya kamata ya yi shiru ya yi. Maganarsa da ya jera ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Yana kallo inuwa ta ɓace, masu kaya suna ta ɗaure-ɗaure, lokacin da aka ba shi yana ƙarewa a gabansa.

Iska ta taso mai sanyi da ƙamshin ƙasa, ta fara kwasar audugar Gwaggo. Tsohuwa ta bi abinta tana tattarawa. Saude ta goge fuska da bakin mayafi, ta ɗauki ƙwaryar tsamiya ta sha sosai, kamar sai yanzu ta tuna da ƙishi. Ta ɗaga faifan da rigar a kai ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce ya mayar wa mai ita, ai da kuɗinsa ya saya, halalinsa ce. Roƙonta ɗaya, ya gaya masa kada ya riƙa bi ta unguwar Magajin Gari da ita kafin ta tafi.

Salmanu ya karɓi faifan. Ya ɗauka sallamar ke nan.

Sai ya ga ta jawo goran zuma ta sa a cikin lefe. Ta kwance ganye, ta ajiye wa Gwaggo goro ɗaya, ta ƙulle ɗaya a bakin zane, na ukun ta ɓare shi biyu ta miƙo masa rabi. Ta miƙe, ta aza lefe a ka. Ɗigon farko ya faɗo a kan tabarma, babba, sai na biyu.

"Wannan na shuka ne," ta ce tana duban sama. "Yaya Usman ba zai wuce jibi ba. In ka shiga Kutemeshi ka tambayi gidansa, kowa ya sani. Zan gaya masa kana tafe, kada ya amsa wa kowa."

Ta yi taku biyu ta juyo. Sai a lokacin ta dubi fuskarsa.

"Ka zo da wannan ta jikinka. Ina so in ɗaga kai in ga mai rai."

Ta tafi da sauri, dafe da lefe. Ruwa ya kece. Salmanu ya cusa rigar marigayi a ƙarƙashin tsummarsa, ya rungume ta a ƙirji don kada ta jiƙe, ya sunkuya ya ratsa tsakiyar kasuwa zuwa gidan Nababa, ruwan yana dukan bayansa.